Abin da ke kwance a ƙasar makiyaya: kundin aikina na ƙidayar iri, Zariya, 2024

26 ga Fabrairu

Makiyayar da nake aiki a kanta tana bayan Shika, idan an nufi Giwa a ratse hagu. Dattawan rugar wurin sun ce a da gamba ce ta rufe ta, har maraƙi yakan shige ciki ya ɓace wa mai kiwo. Yanzu daga bakin mashaya zuwa inda ido ya tsaya babu komai sai busassun karan tafasa da ƙasa tsirara. Tambayar da Malam mai duba aikina ya ɗora mini ita ce: idan aka killace wurin aka hana dabba shiga, akwai irin ciyawar kirki a cikin ƙasa da zai tsiro ya mayar da shi, ko sai an shuka? Ba a amsa wannan da kallon sama. Sai an ɗebo ƙasar an ga abin da ta ɓoye.

Na raba filin uku. Akwai bakin mashaya, inda kofato ya fi cin ƙasa. Akwai tsakiya, kimanin kilomita ɗaya daga ruwa. Sai wani ɗan fili da ke cikin waya shekaru da dama, wanda gamba ke nan tsaye a cikinsa. A kowane yanki zan kafa fegi 8, kowanne mita 10 sau 10.

Na zaɓi ƙarshen rani da gangan. Ciyayinmu suna zubar da iri daga Oktoba zuwa Disamba, kuma da yawansu ba sa tsirowa nan take, sai sun kwana cikin zafin rani tukuna. A Maris iri ya gama zuba, ya huta, ruwa kuma bai sauka ya tayar da shi ba.

1 ga Maris

Mai walda a Samaru ya yanko mini bututun ƙarfe biyu, ya wasa bakinsu, ya ja zobe a santimita 5 da santimita 10. Naira 12,000. Na auna cikin bakin kowanne sau uku, santimita 5 cif. Na nace a kan wannan domin duk lissafin ƙarshe a kan faɗin bakin nan yake. Da 4.8 ne ni kuma na ɗauka 5, da kowane adadi ya kauce da kusan kashi 8 cikin 100.

Faranti 54 na roba, santimita 30 sau 40, a Sabon Gari, naira 48,600. Ledoji, alƙalamin da ba ya gogewa, guduma, naira 9,500.

4 zuwa 8 ga Maris

Ɗibar ƙasa, ni da ƙanena. A kowane fegi mukan buga bututu wuri 10 a warwatse. Santimita 5 na sama a leda ɗaya, 5 na ƙasa a wata leda, wato leda biyu daga kowane fegi, 48 gaba ɗaya. Dalilin haɗa rami goma shi ne iri ba ya bazuwa daidai a ƙasa. Inda uwar ciyawa ta tsaya, ko inda saniya ta yi kashi, ko bakin gidan tururuwa, nan yake taruwa. Ƙananan ramuka masu yawa sun fi babban rami guda gaya maka gaskiyar fili.

Ban share tarkacen ganye da ke saman ƙasa ba, na haɗa shi da ɗibar sama. Irin gamba yana da gashi, ba ya nutsewa da sauƙi, a cikin wannan tarkacen yake maƙalewa. Wanda ya share shi ya zubar da abin da ya zo nema.

A bakin mashaya ƙasar ta yi tauri kamar daɓe. Bakin bututu ɗaya ya lanƙwashe a fegi na uku da ya ci karo da marmara, muka ci gaba da ɗayan. Wahalar da ta fi wannan ita ce ƙasar sama busasshiya tana zubowa cikin rami kafin a buga na biyu, kuma ko cokali guda ya zuba ya isa ya cika ɗibar ƙasa da irin da ba nata ba. Dabarar da muka yi: bayan an cire na sama sai a kwashe gefen ramin da cokalin magini, a share da buroshi, sannan a sake bugawa.

Ardo ya zo ya tsaya a kanmu ranar farko. Ya ce, "Yaro, ƙasa kake saye ko magani kake nema?" Na ce, "Baffa, irin gamba nake nema, in ga ko akwai saura." Ya ɗebi ƙasar a tafin hannu ya murza, ya hura, ya ce gamba ba ta haihuwa a inda ba a bar ta ta yi fure ba. Na rubuta maganar a bayan littafina.

10 ga Maris

An shanya ƙasa a inuwa, kowace leda a kan takardarta. Gobe azumi.

13 ga Maris

Yau na yi ɓarna, kuma zan rubuta ta dalla-dalla don kada in maimaita.

Na fara tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, irin wadda ake amfani da ita idan za a gwada takin ƙasa. Na gama leda shida, ina juye tsakuwa da tarkacen da suka rage a roba guda. Da na zo na bakwai sai idona ya faɗa kan wani abu mai sheƙi, ruwan ƙasa, mai kusurwa kamar an yanka shi da wuƙa. Ƙwayar tafasa ce. Tsawonta ya kai milimita 4, ta ina za ta bi idon milimita 2? Na tona robar na ga su da yawa, har da kan ciyayi masu gashi da suka dunƙule. Da na ci gaba a haka, da sakamakona ya ce babu tafasa a filin da tafasa ta cinye.

Abin da ya fi ciwo shi ne na riga na gauraya ragowar leda shidan, ba halin in san wace ƙwaya daga wane fegi ta fito. Fegi uku ke nan na bakin mashaya, sama da ƙasa, sun tashi a banza.

15 ga Maris

Na koma na sake ɗibar fegi ukun, da azumi, tun bayan asuba. Kowane sabon rami taku ɗaya daga tsohon. Mai babur naira 5,000. Yanzu rariya mai ido milimita 5 nake amfani da ita, kuma abin da ya rage a kanta sai na baza shi a farar takarda na tsince duk mai kama da iri na mayar wa ledarsa. Saiwoyi da 'ya'yan aya-aya na ƙarƙashin ƙasa na fitar da su, domin abin da zai tsiro daga gare su ba daga iri ya fito ba.

20 ga Maris

An jera faranti a gidan raga, rumfar da aka kewaye da raga don rainon tsirrai. An huda gindin kowanne, an shimfiɗa yashi santimita 3, sannan ƙasar gwaji a sama. Yashin na kogin Galma ne, mun wanke shi muka turara a rabin durom awa uku don a kashe duk irin da ke ciki. Itace da ɗauko yashi, naira 14,000.

Ƙasar rami goma ta kusa lita ɗaya, idan aka baza ta a farantin nan kaurinta bai kai santimita ɗaya ba. Haka ake so. Ƙananan iri kamar na burburwa ba su da ƙarfin huda ƙasa mai kauri, wasu kuma sai sun ga haske suke motsawa.

Faranti shida yashi ne zalla, ba ƙasar fili. Su ne shaidu: duk abin da ya tsiro a cikinsu daga iska ko ruwa ko yashi ya zo. Wurin ajiye kowane faranti kuwa ƙuri'a na jefa, kuma duk mako zan sauya musu wuri, saboda gefen yamma ya fi shan rana. Ƙafafun tebur suna cikin gwangwanaye da ruwa saboda tururuwa. Ban ruwa safe da yamma, da buta mai ƙananan huda.

24 ga Maris

Tsiro na farko, kamar koren allurai, a farantan bakin mashaya.

30 ga Maris

Sun fito da yawa. Kwana bibbiyu nake ƙirgawa. Wanda na gane sai in rubuta in tuge shi, don kada ya danne na kusa da shi, kada kuma in sake ƙirga shi. Tafasa ba ta da wuya: ganyen farko biyu manya, zagayayyu, in ka murza ka ji warinta. Dangin aya-aya ganyensu jeri uku yake fita. Gude-gude yana da gashi tsaye a gefen ganye, kowane gashi da ɗan kumburi a gindinsa, sai da gilashin ƙara girma ake gani sosai. Sauran ciyayi a ganye biyu duk kamarsu ɗaya. Waɗannan nakan soka musu tsinken sakace mai launi, launi ɗaya ga masu kama ɗaya, in ciro biyu ko uku in dasa a leda har su yi kai. Baba mai kula da gidan raga, wanda ya shekara fiye da shekaruna yana wannan aiki, yakan duba ya ce, "Wannan harkiya ce, Malam, amma bar ta ta yi kai tukuna." Ni ma haka nake yi, ba na sa suna sai na ga kai.

6 ga Afrilu

Harantama uku ta tsiro a farantan shaida biyu. Na zagaya na sami yagewa a raga ta gefen gabas, ga harantama tana fure a bakin kwata a waje, irinta mai fuka-fukai iska na kwasa. An ɗinke ragar, an nome bakin kwatar. Na yanke cewa duk harantamar da ta fito a kowane faranti, guda 14 zuwa yau, ba za ta shiga lissafi ba. Wataƙila wasu na fili ne, amma ba ni da hanyar rabewa.

13 ga Afrilu

Na tafi gida Sallah kwana uku, na bar ban ruwa sau ɗaya a yini maimakon biyu, ina ganin zai isa. Bai isa ba. Zafin Afrilu a cikin raga ya fi na waje, ƙasar da ba ta kai santimita ɗaya ba kuwa kafin azahar ta bushe. Faranti biyar na layin yamma sun yi ɓawo. Da gilashi na ga ƙwayoyin da suka fasa suka fitar da farin jijiya, jijiyar ta bushe ta koma kamar zare. Irin da ya jiƙa bai fasa ba yana iya jira. Wanda ya riga ya fasa kuwa, in ruwa ya yanke, ya mutu.

Abu biyu suka rage asarar. Mafi yawan tsiro ya riga ya fito an ƙirga a mako ukun farko. Sannan saboda ƙuri'ar da na jefa, biyar ɗin ba na yanki ɗaya ba ne: biyu na tsakiya, biyu na cikin waya, ɗaya na mashaya. Da na jera su yanki-yanki, da asarar ta faɗa kan yanki guda ta yi kama da sakamako. Na ƙirga matattun da na iya gani, 19, na sa su a layin waɗanda ba a gane ba, na yi wa farantan jan alama.

24 ga Afrilu

Tsiro ya ja baya. Biyu ko uku a yini a duk gidan.

1 ga Mayu

Mako shida. Na daina ban ruwa, zan bar ƙasa ta bushe kwana goma, in farfasa ta in juya, sannan in sake jiƙawa. A daji ma haka ruwan farko yake yi, ya zo ya ɗauke, kuma akwai irin da sai ya sha wannan jiƙa da bushewa yake farkawa. Juyawar tana ɗago na ƙasa su ga haske.

18 ga Mayu

Zagaye na biyu ya ba da kusan kashi ɗaya cikin shida na abin da na samu gaba ɗaya zuwa yanzu, yawanci dangin aya-aya da gadagi. Da na rufe gwaji a mako shida da na rasa su. Na kai waɗanda suka yi kai ɗakin adana busassun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello aka gwada su da na ajiya. Abin da na sa wa shuɗin tsinke ashe iri biyu ne na burburwa, don haka na haɗe su a suna ɗaya.

12 ga Yuni

Mako goma sha biyu, kwana goma sha huɗu ba sabon tsiro. Na rufe.

20 ga Yuni

Tafasa ta tsaya mini a rai. Ɓawonta yana da tauri, ruwa ba ya shiga sai ya sami rauni, don haka rashin tsirowarta a faranti ba ya nufin ba ta nan. Na wanke ƙasar farantai takwas na saman bakin mashaya a kan rariya, na tsinci ƙwaya 61 lafiyayyu. Na ɗan yanke gefen kowace da abin yanke farce, na jera a jiƙaƙƙiyar takarda. Cikin kwana biyar 47 sun tsiro. A farantan kuwa tafasa guda 44 kawai ta fito cikin mako goma sha biyu. Fiye da rabin tafasa mai rai tana kwance tana jira, kuma irin wannan ne ke sa a nome ta bana ta dawo baɗi. Ƙananan iri ba zan iya yi musu haka ba, sun fi ƙarfin idona a cikin yashi. Saboda haka duk adadin da zan kawo na abin da ya yarda ya tsiro ne, na gaskiyar ya fi shi.

25 ga Yuni

Lissafi. Bakin bututu santimita 5 ne, rabinsa mita 0.025. Rami goma sun ba da murabba'in mita 0.0196. A takardar lissafi, idan adadin tsiro yana B2:

```
=B2/(10*PI()*0.025^2)
```

Ma'ana kowane tsiro guda a faranti yana tsaye ne a madadin iri kusan 51 a murabba'in mita. Da faɗin rami ake rabawa, ba da faɗin faranti ba. Na taɓa ganin an yi wannan kuskuren, yana rage adadi har ninki shida.

Farantai takwas na saman bakin mashaya: 41, 58, 36, 112, 49, 63, 27, 54. Jimla 440, matsakaici 55, wato iri kusan 2,800 a murabba'in mita. Amma dubi 112 ɗin nan. Littafin fili ya nuna fegin tsohon makwancin shanu ne, kuma 70 daga ciki gude-gude ne. In an cire shi adadin ya sauko kusan 2,390. Ban cire ba, domin makwancin shanu ma wani ɓangare ne na filin, sai dai zan rubuta 2,800 da kuskuren ƙiyasi na kimanin 470 sama ko ƙasa. Idan an ƙara tafasar da na farkar da hannu, ya kai 3,100.

Tsakiya ta ba da matsakaicin 38, kusan 1,940. Cikin waya 24, kusan 1,220. Ɗibar ƙasa, daga santimita 5 zuwa 10, ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na ta sama ba a ko'ina.

Wanda ya karanta waɗannan adadi uku kawai zai ce bakin mashaya ya fi ko'ina arziki. Sai an buɗe 440 ɗin: gude-gude 138, burburwa 96, dangin aya-aya 71, tafasa 44, harkiya 39, sauran 52. Kusan duk masu shekara ɗaya ne, waɗanda rayuwarsu kaf a kan iri take, su tsiro da ruwan farko, su zuba iri da yawa, su mutu. Dabba tana cin gude-gude da harkiya da damina, ba a raina su. Amma kafin tsakiyar rani sun zama ƙura, lokacin da ake neman abin da zai riƙe garke. Yawan irinsu alama ce ta fili da aka buɗe wa rana, ba ta fili mai lafiya ba.

Gamba, wadda a takardar na shigar da sunan Andropogon gayanus, ta fito 9 a cikin waya, 1 a tsakiya, babu ko ɗaya a mashaya. Tara ɗin nan iri 57 ne kacal a murabba'in mita, a wurin da take tsaye ta fi mutum tsawo. Wannan bai ba ni mamaki ba. Da gindinta take rayuwa shekara da shekaru, kanta yana da ƙaiƙayi da yawa marar ƙwaya, kuma irin nata ba ya daɗewa a ƙasa.

Sifirin mashaya shi ne na fi yin taka-tsantsan da shi. Ramuka 80 duka-duka murabba'in mita 0.157 ne, bai kai tabarmar salla rabi ba, fili ne kamar santimita 40 sau 40. Akwai ƙa'idar da ake bi idan ba a sami komai ba: a raba 3 da faɗin da aka duba. Ya ba da 19. Abin da zan iya cewa shi ne da wuya irin gamba ya wuce 19 a murabba'in mita a can, shi ma in ya bazu ba a dunƙule ba. Ba zan rubuta cewa babu ba. Amma ko 19 ɗin ne, tsiron gamba mai jinkirin tashi zai fito ne a tsakiyar dubban masu sauri.

2 ga Yuli

Na kai wa Malam. Ya amince cewa killacewa kaɗai ba za ta dawo da gamba bakin mashaya ba, sai dai ta ba tafasa hutu. Ya ƙi yarda da maganata a kan tsakiya, ya ce tsiro ɗaya ba hujja ba ce, in je in ƙirga tsofaffin gindin gamba da suka rage da rai a can, domin su ne za su yi fure in an bar su. Yana da gaskiya, faranti ba ya ganin gindi.

Kuɗin da ya fita zuwa yau, har da sufuri da ruwan da muka saya a Afrilu: naira 131,000.

6 ga Yuli

Na koma fili. Bakin mashaya kore shar, tafasa ta kai gwiwa. Na gaya wa Ardo abin da ya fito, ya gyaɗa kai ya ce, "To yanzu fa?" Na roƙe shi fegi huɗu a bakin mashaya da za a kewaye da ƙaya: biyu a dasa tsagin gindin gamba daga cikin waya, biyu a bar su haka don kwatance. Ya ce a bari sai ya yi magana da sauran masu shanu ranar Juma'a, amma a nisanta su daga burtali.

Saura ƙirgar gindi a tsakiya cikin makon nan. A farkon Satumba kuma zan sake ɗibar ƙasa a fegi 24 ɗin, bayan duk mai tsirowa ya tsiro, kafin sabon iri ya zuba, in ga abin da ke tsallake damina yana kwance. Ina bukatar sabon bututu ɗaya da yadi huɗu na raga.